Biyar-biyar ɗin da na saya wa ɗiyata

Da ana maida jiya, da ban sa baki a takardun ɗiyata ba. Ta gama lisans, wato digirin farko, tana neman gurbin ƙaro karatu a wata jami'a a Rasha, aka ce a fassara diplom ɗinta da takardar makinta zuwa Rashanci. Ni da na bar lakol, wato makarantar boko, a aji shida, na taso daga Cadawa har Yamai don in sa ido.

Mai fassarar, dattijo ne da ya yi karatu can, ya rubuta makinta sha uku bisa ashirin yadda yake, lisans kuma ya bar shi lisans. A bakinsa na ji cewa makin Rasha iyakarsa biyar.

Na ce, “To malam, wadda ta ci sha uku ai ta wuce biyar. Sa mata biyar mu tafi.”

Ya ce, “Alhaji, ni fassara nake, ban koyar da ita ba. Auna makin aikin jami'ar ne can.”

Na kwashe takardun na kai wa wani mai sauƙin kai. Ya jera mata biyar-biyar, har a lissafin da ta sha da kyar, ya ɗaga lisans ya koma masta, digiri na biyu. Na dawo gida ina taƙama.

Jami'ar ta aza fassarar gefen takardar asali. Lamba ba ta buƙatar tafinta. Suka maido takardun, gurbin shekarar ya wuce ta.

Don Allah, in naku ya je wurin mai fassara, ku jira shi a waje.