Harafin da aka goge mana a Sheshe

Har yau in na ga an rubuta sauti tsakanin sanda jirge biyu, kamar /f/, sai abokin aikina na shekarar ƙarshe a jami'a ya faɗo mini a rai, raina ya ɓaci.

Mu biyu Malam ya haɗa, ya ce mu gano ko tsofaffin unguwar Sheshe a Kano, jikokin Larabawan fatauci, suna furta Hausa daban da mutanen Yakasai. Ni na yi yawon, don ni mace ce, ni ke iya shiga cikin gida. Shi kuwa ya ba da wayarsa ta ɗaukar murya, ya ce zai buga aikin a kwamfuta.

A Sheshe na samu wata Hajiya mai sayar da alkaki. In ta ce "fata", haƙoranta na sama sai sun taɓa leɓen ƙasa. A Yakasai kuwa leɓɓa biyu ake matsowa a hura, wani ma ya haɗe su gaba ɗaya. Na zura wa bakinta ido har ta ce, "'Yar nan, haƙorin Makka kike nema?" Kowane furuci na ba shi alamarsa cikin baka miƙe: [f], [ɸ], [p]. Wannan shi ne ƙuntataccen rubutu, wanda ke kama sauti yadda ya fito daga baki.

Ranar da muka kai aikin, Malam ya buɗe, ya duba. "To ina bambancin?"

Na leƙa. Daga sama har ƙasa /f/ ce.

"Na gyara ne, Malam," in ji abokina. "A aji biyu ka rage mini maki saboda na cika alamomi."

"A aji biyu ƙwayoyin sauti na tambaye ka, waɗanda ke bambanta ma'ana. Can faffaɗan rubutu mai /f/ ɗaya ya isa, tunda fata fata ce ko ta yaya aka furta ta. Yanzu furucin kansa kuka je nema, ka share shi."

Na ce a saurari muryoyin. Sai abokin nawa ya sunkuyar da kai. Wai waya ta cika, ya goge. Takarduna kuma ya bar su a shagon buga takardu, an zubar.

A bakin ofis na tare shi. "Wa ya ce ka gyara? Ka tambaye ni?"

"Haba, harafi ɗaya ne fa."

Wannan maganar ta fi gogewar ƙona mini rai.

Na koma Sheshe, aka ce Hajiya ta tafi jinya wurin ɗanta a Kaduna. Matan gidan da suka rage duk irin furucinmu suke yi. Dole muka canja batu, muka gama a makare. Maki ɗaya aka ba mu, ni da shi, kuma ranar da sakamako ya fito har da zuwa ya yi mini barka.