Datar da Malami ya ajiye

Duk Horo Birni babu wanda bai san tattalin Malami ba. Mutane kan tsokane shi cewa ko gishiri sai ya shekara a gidansa. Ba rowa ba ce. Yana ƙarami aka yi wata yunwa da ta cinye ƙannensa biyu, tun daga nan ya ƙudura cewa abin da ya shigo hannunsa ba zai fita a banza ba. Geronsa na bara yakan tarar da na bana a rumbu, albasarsa kuwa sai ta yi tsada yake fito da ita.

Ɗansa namiji guda ne, Sharhabilu, wanda ya tafi Aljeriya aikin gini ya bar masa babbar waya. Yaron ba shi da waya a can, sai ta aro. Suka yi yarjejeniya: duk ranar da ya sami aro zai yi filashin, uban ya buɗe data, su ga juna ta bidiyo. Uwarsa Shatu ta shekara biyu ba ta ga fuskarsa ba, abin yana cin ta ƙwarai.

Ana jajiberin Babbar Sallah, Malami ya je Shagari. A bakin tasha ya tarar da Ladan mai sayar da data a ƙarƙashin lemarsa, yana shelar garaɓasar Sallah: data mai yawa a farashin kaɗan. Gaskiya Ladan bai ɓoye masa komai ba.

"Baba, ka saurare ni da kyau. Wagga garaɓasa kwana bakwai ta, kuma daga sa'ad da niz zuba ma ta take fara lissahi. Ko ka taɓa ta, ko ba ka taɓa ta ba, kwanakkin na tahiya. In sun cika, abin da yar rage ya ƙone, ba a ƙara ma shi kan ta gaba. Layin ga kaɗai za ta yi aiki, ba a tura ma wani. In ajiya kaka so, sayi ta wata guda."

"Awo, na jiya," in ji Malami.

Ya ji da kunne, amma a ransa dariya ya yi. Wayon 'yan kasuwa ne, don mutum ya cinye da wuri ya dawo. Abin da ka biya kuɗinsa ka rufe, wa zai shiga ya ɗiba? Ya biya aka zuba masa garaɓasar, ya sa Ladan ya rufe masa datar, ya naɗe wayar a tsumma.

Ranar Sallah Shatu ta roƙe shi ya buɗe, ko yaron ya aiko da saƙo. Ya ce ta yi haƙuri, ai ba a yi filashin ba. Ta koma kan suyar namanta. Wani rubutaccen saƙo na kamfanin waya ya shigo daga baya, amma Malami ba ya karanta boko, kuma bai tambayi kowa ba.

Sai da aka yi sati da kwana biyu da sayen datar filashin ya shigo, da hantsi. Shatu ta yar da muciya ta taho tana gyara ɗankwali. Malami ya buɗe data, shiru. Ya ce sabis ne, ya fita bayan gari ya hau tudu yana ɗaga waya sama har rana ta take. Da ya gaji, ya hau babur ɗin haya zuwa Shagari, cikinsa fal da faɗa.

Ladan ya duba ya ce, "Ta ƙone tun shekaranjiya, Baba. Na gaya ma."

Ya zuba masa sabuwa. Nan take saƙonnin murya biyu suka faɗo. Na farko tun ranar Sallah aka aiko shi: Sharhabilu yana dariya, yana cewa ya sami aro amma babu kuɗin kira a wayar balle ya yi filashin, ya gwada ta bidiyo ya ji su a rufe. Na biyu na safiyar nan ne, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Baba, ana kame, za mu bar garin ga yanzu, ban san inda muka nuhwa ba. Na so in ga huskar Inna. Ku yi man addu'a."

Malami ya kira lambar. Wani ya ɗauka da Larabcin da bai gane ba, ya kashe.

A gida sau ɗaya Shatu ta saurari saƙon. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi.

Damina biyu ke nan babu labari. Rumbun Malami ya yi ƙasa, don duk wata sai ya auna gero ya sayar, ya kai wa Ladan kuɗin data. Bai sake rufe ta ba ko na minti ɗaya. Wayar tana rataye a jikin rumbu, inda sabis ya fi kamawa, Shatu kuma a nan ta mayar da tabarmarta.