Layin da Yaya Ta Ƙara da Biro

Yayata ta fara ɗinki da keke ɗaya a barandar gidanmu. Yau tana da kekuna goma sha huɗu a wani dogon ɗaki mai fanka uku, biyu ne ke aiki. Mace ce mai hannu, mai zuciya, kuma ba ta manta alherin da ta yi wa mutum, ko da shi ya manta. Ni ƙanenta ne. Tun da na yi ritaya nake buga mata takardu, aikin da ya fi wanda na bari ɗaga hawan jini.

Rabin kekunan nan yunifom ɗin makaranta ɗaya suke ɗinkawa, shekara goma sha takwas ke nan. Da mai makarantar yana raye, sai Yaya ta kai masa ƙyallen yadi, ya ɗaga shi a rana, ya gyaɗa kai, shi ke nan. Bayan rasuwarsa 'yarsa ta zama shugaba. Bana shuɗin yadin da aka saba ya yanke a kasuwa, Yaya ta sayi mai kama da shi, ta yanka riguna ɗari uku ba ta nuna wa kowa ba. Shugaba ta ce ba launinsu ba ne, ta mayar da kaya. Suka yi wata biyu ba sa ɗaukar wayar juna, har aka yarda a je gaban mai sulhu.

Mai sulhu ya aiko da wasiƙa. Kowane ɓangare ya rubuta shafi ɗaya: abin da ya faru, inda aka saɓa, abin da yake so, da abin da zai iya yi. Zai karɓa ranar Laraba ya ba kowa kwafin na ɗayan. Magana ta sirri kuwa a riƙe ta sai an keɓe da shi. Na karanta wa Yaya wannan sau biyu, tana ta neman almakashi.

Da muka zauna rubutu, ta faro daga shekarar farko. Kafin ta iso kan shuɗi mun cika shafi tara.

"Yaya, wannan ba alƙali ba ne. Ba zai ce ke ce da gaskiya ba."

"To me zai yi?"

"Zai taimaka ku daidaita. Me kike so?"

"So nake ta san ni ba sa'arta ba ce."

"Ban da wannan fa?"

Ta daɗe tana kallon teloli ta gilashin ofis. "Kada aikin ya bar hannuna."

Kwana uku muna ja. Na matse shekara goma sha takwas a jimla ɗaya, ta ce na yanka ta ba wuƙa. Na rubuta cewa mun yanka ba mu nuna samfuri ba, ta ce in goge, na ce sai dai ta nemi wani mai bugawa. A ƙarshe muka rubuta za mu sake ɗinka rigunan in shuɗin ya samu, kuma daga yanzu ba yanka sai shugaba ta sa hannu a kan samfuri. Shafi ya fita tsaf, har da fili a ƙasa. Na ba ta ta sa hannu ta kai, ni na tafi asibiti awon jini.

Ranar Alhamis kwafin na makaranta ya iso. Sun ce za su karɓi rigunan bana haka nan, suna kuma son a ci gaba da aiki in za a riƙa nuna samfuri. Na yi murna har na sayo lemo. Yaya ta karanta, ba ta sha ba.

Sai a ɗakin sulhu na ga dalili. A ƙasan shafinmu, da biro, da rubutun Yaya: "Shekarar da aka kusa rufe makarantar, ni na rufa wa mahaifinta asiri. Ta tambayi uwarta." Ta ɗauka mai sulhu kaɗai zai gani. Raina ya ɓaci har na kasa kallonta.

Shugaba ba ta ɗaga murya ba. "Mama, na tambayi mahaifiyar tawa," ta ce da Yaya. "Baba ya rasu yana ganin maganar tsakaninku ta tsaya. Yanzu ma'ajinmu ya karanta, kwamiti ma ya karanta."

Mai sulhu ya raba mu ɗakuna, ya yi ta kai da komo fiye da awa biyu. Abin da ya iya samowa shi ne za su karɓi rigunan kamar yadda suka rubuta. Aikin baɗi kuma, sun ce sun gode, ba za su ba mu ba.

A mota Yaya ta ce, "Ai ba ƙarya na rubuta ba."

"Ba ƙarya ba ce, Yaya."

Da muka iso shago teloli suka tsayar da kekuna suna kallon fuskarta. Ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu, ta ce da ni a hankali, "Teloli bakwai za su tafi. Kai ka san yadda ake rubuta takardar sallama."