Inda Numfashina Ya Tsinke

Tun ranar da kwalekwalenmu ya kife a kogin kusa da Wushishi, magana ta yi mini nauyi. An tsamo ni da rai, amma ko ruwan randa na leƙa sai in ja da baya. Abin da na kasa faɗa wa mutanen gidanmu sai na mayar da shi waƙa, 'yar ƙwar biyu, mai ɗango bibbiyu a kowane baiti. Burina ɗaya: in tsaya in karanta ta har ƙarshe a taron marubuta da ake yi ran Asabar a wata makaranta a unguwar Shango.

Wata dattijuwa, tsohuwar malamar Hausa, ita ke tace waƙoƙi kafin taro. Na same ta a wani aji, na miƙa mata takardata, ta ƙi karɓa.

"Ni ba na duba waƙa da ido, 'yata. Tashi ki rera."

"Malama, ai amsa-amon ya zauna duka."

"A takarda ko? Takarda ba ta da huhu."

Na miƙe na soma rerawa. Ta rufe ido tana ƙwanƙwasa benci da yatsa, tana bin karin waƙar. Baitocin farko suka wuce lafiya. Da na iso inda muka nitse, na fara: "Ruwa ya rufe mu, ya rarraba mu, rurinsa ya riƙa ruɗa mu..." Harshena ya harɗe, iska ta ƙare mini tun ban kai ƙarshen ɗangon ba. Ƙirjina ya toshe kamar ranar nan. Na durƙushe.

Ba ta lallashe ni ba. Ta jira na farfaɗo, sannan ta ce, "Yatsana ya gama tuni, ke kina ta tafiya. Wannan ɗangon ya ninka ɗan'uwansa tsawo. Ga 'ra' da 'ru' kin jibge kamar buhunan Kasuwar Kure. Ni ma da haƙoran robar nan, da na gwada sai sun zubo."

Dariya ta kuɓuce mini, hawaye na zuba.

Ta sa na maimaita a hankali, ta ce in ɗaga hannu daidai inda numfashi ya tsinke. Na ɗaga bayan "rarraba mu". Nan ta sa na datse. Muka zubar da sauran, muka sake wata kalma, muka yi ta rerawa har ɗango biyun suka zo kai ɗaya da bugun yatsanta.

"Yanzu daga farko. In kin zo nan, ja iska. Akwai ta."

Ikon Allah! Na iso wurin, ruwan ya rufe mu kamar kullum, sai ga ɗan fili a ƙarshen ɗangon. Na shaƙa. Na wuce. Muryar da na ji tana cika ajin nan ban san tawa ba ce.

Ran Asabar na tashi gaban jama'a, tsoron bai sake ni ba, har yanzu ma yana nan. Amma na kai baitin ƙarshe a tsaye, Malama na can baya, yatsanta na bugun benci.