Katin Askin Yayana

Shekarar da aka buɗe sabon wurin aski a hanyar unguwar Tsinga, mai fitilu da talabijin, kujerar yayana ta fara wuni babu kowa a kai. Shagonsa yana cikin unguwar Briqueterie, a wani lungu bayan masu tsire. A nan ya yi ta aski har ya biya mini makaranta. Ni kuma lokacin ina aiki a wurin buga takardu, ina tsara katunan biki da alluna.

Na ce masa, "Yaya, bari in yi maka kati. Duk wanda ya yi aski ka buga masa hatimi. In ya cika, aski ɗaya kyauta."

Ya ce, "To, gwada." Bai ko ɗago kai daga injin askin da yake gogewa ba.

Katin farko na yi shi don in burge. Takarda mai sheƙi, gidan hatimi goma sha biyu, bayani da Faransanci a ƙananan haruffa. Tawadar hatimi ba ta bushewa a kan sheƙi, sai ta goge a aljihu ta ɓata riga. Kuma katin ya fi jakar kuɗi faɗi. Wata safiya bayan ruwan sama na ga katunana a kwata, har da wanda aka naɗe tsire da shi. Wani mahauci da ke aiki a unguwar Etoudi ya ce da ni, "Ɗan'uwa, sha biyu? Wata shida ke nan fa. Wa ya san inda zai kasance?"

Na koma na sake. Na mayar da shi girman katin shaida, takarda mai kauri marar sheƙi wadda ke shan tawada. Gida shida kawai, na bakwai da hoton almakashi da kalma ɗaya da Hausa da Faransanci: kyauta. Na sa aka sassaƙa hatimi mai siffar tsohuwar askar mahaifinmu, yadda ba mai iya sayo irinsa a kasuwa. Na ce wa Yaya ranar farko ya buga biyu, ɗaya na askin, ɗaya kyauta, domin mutum ba ya yar da abin da ya riga ya fara. Na ƙi sa ranar ƙarewa, na ƙi sa wani sharaɗi.

Muka raba su bayan Ƙaramar Sallah, kusan duka a mako guda. Wannan karon mutane suka riƙe. Wani malamin tsangaya a cikin hularsa yake sa nasa. Mahaucin nan kafin ya zauna yake miƙo kati. Benci ya sake cika, Yaya ya fara dariya da mutane kamar da.

Abin da ban lissafa ba shi ne yawancinsu duk mako biyu suke aski. Katunan suka cika tare, dab da Babbar Sallah. Waɗanda nasu ya riga ya cika ma sai suka adana shi don askin Sallah, lokacin da farashi ke tashi. Wannan makon ne Yaya yake dogara da shi kowace shekara ya biya hayar da ta taru.

Na je shagon ana jajibiri na tarar da layi har bakin lungu, kusan kowa da cikakken kati a hannu. Ƙafafun Yaya sun kumbura don tsayuwa. Na ja shi gefe.

"Yaya, ka ce musu kyautar sai bayan Sallah."

"An rubuta haka a katin?"

"A'a."

"To da wane baki zan faɗa? Hatimina ne a kai."

Ya koma ya ɗauki injin. Wuta ta ɗauke da la'asar, ya ci gaba da almakashi da aska. Wasu sun ga halin da ake ciki sun ajiye ɗan abu a kan teburi, mahaucin ya aiko da nama. Amma mafi yawa godiya suka yi suka tafi, kuma ban ga laifinsu ba.

Mai gidan hayar ya yi haƙuri wata ɗaya, sannan ya ba wani mai sayar da wayoyi shagon. Ni da Yaya muka ɗauki madubi da kujera a kura muka kai ɗakinsa a unguwar Ekoudou. Da muka sauke, sai ya ce, "Katin ya yi kyau, ƙanena. Ka ga ba wanda ya yar." Na kasa kallonsa.

Daga baya na buga wani, da layi ɗaya a ƙasa: ban da makon Sallah. Na kai masa a rumfar da yake aski yanzu, a ƙofar gidan wani abokinsa. Ya karanta, ya juya bayansa, ya sa a aljihu. Ciwon ƙafar bai sake shi ba tun lokacin, a zaune yake yi wa mutane aski, su kuma su zauna a kan tabarma a gabansa.