Yadda Muka Amsa Tambayar Farce

Na zauna a garuruwa da dama a bayan maigidana, Allah ya jiƙansa, don aikinsa na yawo ne. Mun yi Marwa, mun yi Injamena, mun daɗe a Omdurman kafin mu dawo gida Wuro Hausa. Duk inda muka sauka, abin da nake fara lura da shi ƙamshin ɗakunan mata ne. Matan Sudan suna son hayaƙi mai nauyi da ke kama jiki. Na Chadi suna cika sukari. Mu a Yola, in za a faɗi gaskiya, saye muka iya.

Shekarar da mutane suka yi ta kwararowa daga Barno da arewacin jiharmu, aka raba baƙi a gidajen unguwa. Ni aka kawo mini wata mata tsarata, Babarbariya, da zani ɗaya da ƙafafu a kumbure. Mijinta ya rasu a hanya. 'Yarta guda, wadda ta koya wa haɗa turaren wuta, ba a sake jin labarinta ba. Wasu baƙin sun koma daga baya, ita ta zauna. Da sannu wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari ya shiga tsakaninmu, ina ce mata baiwata, tana ce mini Fulata mai rowar nono. Turare kuwa takan haɗa mana na gida, ƙofa a rufe. A danginsu uwa ce ke ba 'ya wannan sani, ba a ba bare. Tunda babu 'yar, ta riga ta sa a ranta da shi za a binne ta.

Bidiyo ni na fara. Surukata, malamar makaranta a Jimeta, ta nuna mini manhajar gajerun bidiyo, sai na jingina waya da gwangwanin madara na yi bayanin yadda na ga ana turara ɗaki a Sudan. Ban zaci kowa zai kalla ba. Da na duba, ga tambayoyi a ƙasa. Wata ta rubuta, tana kirana uwa da Fulatanci, "Dada, wane gawayi ne ba ya ɓata ƙamshi?" Na fara rubuta amsa da yatsa ɗaya, na gaji. Surukata ta ce in daina wahala: in taɓa wurin ba da amsa, in zaɓi hoton kyamara, tambayar za ta fito manne a kan sabon bidiyon, ita mai tambayar kuma za a sanar da ita an amsa mata.

Haka abin ya yi ta haihuwa. Amsar gawayi ta jawo tambayar kasko, ta kasko ta jawo ta itacen hawi da kajiji. Mutane suka fara cewa sun ɓata, ba su san wanne ke bin wanne ba, sai na riƙa rubuta kashi na kaza a saman kowanne. Na lura ba kowace tambaya ake ɗauka ba. Wadda mutane da yawa suka danna wa alamar so, ko suka maimaita, ita ce ke da masu jira. Ina amsawa da Hausa, in an tambaya da Fulatanci in juya, wani lokaci in jefa Larabci don matan Injamena da suka gano ni. Ƙawata Babarbariyar tana zaune a bayan waya tana tsince shinkafa, tana gyara mini kuskure da tsaki kawai.

Wata rana aka rubuta tambaya da Barbarci. Ina jin yaren, amma karanta shi da haruffan boko sai da na yi a bayyane. Yarinyar ta ce tana zaune a Legas, aurenta ya matso, mahaifiyarta ta rasu lokacin gudun hijira ba ta kai ga koya mata ba. Ta sayi farce, wato ɓawon nan na teku da ake sa wa turaren humra, duk yadda ta yi sai ya yi ƙarni. Yaya ake gyara shi?

Ƙawata ba ta ɗago kai ba. Na jira, ta ci gaba da tsintarta. Sai na amsa da abin da na sani, irin na Omdurman. Kafin la'asar matan Barno sun cika ƙasan bidiyon. "Goggo, wannan na Larabawa ne." "Fulani da turare? A koma wajen kindirmo." Na karanta wa ƙawata duka ina dariya.

"Kin kunyata gidan nan," ta ce.

"To baiwata, ki fito ki wanke mu."

"Ban san gidan su yarinyar ba. Ba a ba wanda ba a san gidansu ba."

"Sai ki tambaye ta."

Can ta ce, "In kin manna tambayar, duniya za ta ga sunanta da mutuwar uwarta?" Na ce e, na ma riga na manna sau ɗaya. Ta ce a nemi izininta tukuna. Na rubuta wa yarinyar ta akwatin saƙo, ta ce ba komai, ba ita kaɗai ba ce.

Bidiyon da ya biyo baya babu turare a cikinsa. Hannuwan ƙawata kawai suka fito, a kan tabarma, don ta ƙi a nuna fuska. Ta gaida yarinyar da Barbarci, ta yi mata ta'aziyya kamar yau aka yi rasuwar, sannan ta tambaye ta garinsu, da unguwarsu, da sana'ar kakanninta. Ni ina fassarawa a gefe. Surukata ta ce irin wannan ba ya tafiya, mutane ba su da haƙurin gaisuwa. Ya fi duk nawa tafiya. Yarinyar ta amsa a ƙasa, garin da ta faɗa kuma ba shi da nisa da na su ƙawata. Wasu mata suka biyo da nasu garuruwan, daga Kano, daga Garwa, daga Jidda, da yawansu da labari iri ɗaya.

Ban san abin da ya gudana a zuciyar ƙawata ba, ban kuma tambaya ba. Washegari da hantsi ta fito da turmi da tukunya tsakar gida, ta ce in gyara wayar nan ta karkace. Ta nuna yadda ake jiƙa farce, a kankare sauran naman da ke manne a cikinsa, don shi ne ke kawo ƙarnin, a wanke da lemun tsami, a shanya, sannan a toya a yashi mai zafi har ya kumbura. Bidiyo ɗaya bai ɗauke ba, muka raba. Aka tambayi yadda ake gane ya toyu, ta kawo shi dab da waya ta karya don a ji ƙarar. Daga nan tambayoyin suka daina zuwa da "Dada", suka koma neman mai hannuwan. Na zama tafinta a shafina, ban taɓa jin daɗin rage matsayi irin wannan ba.

Abu ɗaya ta hana a ɗauka, shi ne awon haɗin gidansu, abin da ake sawa da yawan kowanne. Ta ce in karɓo lambar yarinyar. Ta shiga ɗaki da wayata, ta turo ƙofa, na jiyo muryarta tana magana a hankali, tana maimaitawa, tana cewa "'yata, sake faɗa mini in ji." Ta daɗe. Da ta fito idonta ya yi ja, ta miƙo mini wayar.

"Ta riƙe?" na tambaya.

"Ta riƙe. Kanta ya fi naki." Ta zauna ta jawo turmin. "Karanto mini ta gaba."