Takardar da Yaya Ya Ƙara wa Gaisuwa

Ni na riƙa kai ɗan yayana wurin malamar Jamusanci a unguwar Murabba da ke Riyad, saboda ni ne mai mota a gidanmu, ko da yake motar ta kafilina ce, Balaraben da ya tsaya mini nake yi masa direba. A Riyad aka haifi yaron, a unguwar Gubaira ya girma, Larabcinsa ya fi Hausarsa nesa ba kusa ba. Kano kuwa sau ɗaya ya taɓa ganinta, yana goye. Shekarunsa sun kusa kai inda doka ta ce ɗa namiji ba zai ci gaba da zama a ƙarƙashin igamar ubansa ba, wato takardar izinin zama a ƙasar, mun nemi kafilin da zai ɗauke shi aiki har mun gaji. Abin da ya rage masa shi ne Jamus. Ya ji cewa kamfanonin can suna ɗaukar masu koyon sana'a daga waje, ya duƙufa ya koyi yarensu har ya ci jarrabawa. Aikin lantarki yake so, sana'ar ubansa.

Ranar da ya kai takardar neman gurbin, zafin rana ya hana ni zaman mota, na shiga na zauna a gefe. Malamar 'yar Tunisiya ce, ba ta da wasa. Ta ɗauki jan biro ta soma daga layin farko. Yaron ya buɗe da "Hallo", ta soke ta rubuta "Sehr geehrte Damen und Herren", gaisuwarsu ta girmamawa. Duk inda ya sa "du" ta mai da shi "Sie" da babban harafi. Da Larabci take yi masa bayani, shi ya sa na fahimta: "du" na aboki ne da yaro, "Sie" na wanda ake girmamawa. Na ce a raina, ashe su ma suna da "ku" irin tamu.

Sai ta koma kan jerin kalmomi. Ya rubuta "Seit meiner Kindheit ich arbeite", ta ja kibiya ta dawo da "arbeite" gaban "ich", ta ce aikatau a wuri na biyu yake zama ko da me aka fara. Inda ya ce "weil ich möchte lernen" kuma ta kora "möchte" can ƙarshe, wai bayan "weil" haka ake yi. Kai, yaren nan da wahala yake! Ta yanke duk abin da ya wuce shafi ɗaya. Ta ce su Jamusawa abu uku suke nema: me ka iya, me ya sa kake son sana'ar, me ya sa kamfaninsu. Da muka fito yaron ya rungume takardar a ƙirji, yana ta dariya shi kaɗai. Rabona da ganin haƙoransa an daɗe.

Ranar Juma'a bayan an sauko, muna cin shinkafa a ɗakin Yaya, ya ce a karanta masa abin da za a aika. Yaron ya riƙa fassarawa, rabi Hausa rabi Larabci. Yaya ya tsame hannunsa daga faranti.

"Shi ke nan?" ya ce. "Ina gaisuwar?"

"Baba, ga ta a sama, layi ɗaya."

"Layi ɗaya! Sai na iya kaza, na iya kaza. Yabon kai jahilci. Kai da kake roƙo a koya maka, kake cewa ka iya? Kuma ina ni a ciki? Shege ne kai da za ka kai kanka?"

Ba mugunta ce ta sa shi ba, wannan na sani. Yaya da hannu mahaifinmu ya kai shi wurin ubangidansa a Fagge, ya durƙusa ya ce ga amana. Shi ma duk yaron da ya koyi naɗin waya a hannunsa, wani babba ne ya kawo shi. A wurinsa yaron da ya je neman sana'a shi kaɗai, ko dai ba shi da kowa ko kuma an kore shi daga gida.

Na ce, "Yaya, malamar fa ta ce kada a ƙara ko kalma."

Ya dube ni. "Malamar ce ta haife shi, ko kai?"

Nan ya zauna ya yi ta faɗa, yaron yana rubutawa. A gai da mai kamfani da iyalinsa, a tambayi lafiyarsa da ta ma'aikatansa. A gaya masa uban yaro ne ke magana, talaka ne, baƙo a ƙasar mutane, igamar ɗansa ta kusa ƙarewa, ba shi da inda za shi. Ya taimaka don Allah, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, in ya yi ba daidai ba ya hora shi, ba mai tambayarsa dalili. Da ya gama ya ce, "In ka cire ko harafi ɗaya ban yafe ba."

Wallahi da na ji kalmar nan na san magana ta ƙare. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce to.

Washegari na ce ya shiga mota mu koma Murabba, ko ba komai a gyara sabon sashen. Ya ƙi. Ya ce ba zai iya tsayawa gaban malamar tana karanta cewa ubansa talaka ne ba. Shi kaɗai ya juya maganar Yaya zuwa Jamusanci, ya liƙa ta a tsakiyar takardar. Duk kamfanin da ya nema, haka ta je musu, sunan da ke sama kawai yake canzawa.

Amsoshin da suka zo gajeru ne, cike da ladabi. Sun gode, sun yi nadama, suna yi masa fatan alheri. Ba wanda ya faɗi dalili, wasu ma ko amsawa ba su yi ba. Kullum ina tashi daga aiki sai na biya Gubaira, na same shi a bakin shagon ubansa da waya a hannu, ya girgiza mini kai tun kafin na kashe mota. Na daina tambaya.

Daga baya na ɗauki takardar na kai wa malamar ba da saninsa ba. Ta karanta, ta cire tabarau. Ta nuna mini inda "du" ya dawo har wuri biyu, da inda kalmomin suka koma jerin Larabci. Amma ta ce ba wannan ne ya fi damunta ba. Mai karantawa zai ga sama da ƙasa tsaf, tsakiya kuma daban, ya ɗauka wani ne ya rubuta masa mai kyan. Zai ga baligi da ubansa ke magana a madadinsa, wanda mafaka yake nema fiye da sana'a. Maganar horo kuwa, ta ce tsoro ma za ta ba su. Na tambaye ta ko za a iya sake aikawa. Ta ce yawancin kamfanoni sun riga sun cike guraben bana, sai shekara mai zuwa. Igamar yaron ba za ta kai mai zuwa ba.

Na zauna a mota na rasa wanda zan ji haushi. Yaya? Abin da ya sani ya yi. Yaron? Da wane baki zan ce masa ya taka maganar ubansa? Sai na yi ta dukan sitiyari kamar mahaukaci.

Aka buga masa bizar fita ta ƙarshe, wadda ba dawowa. Ni na kai su filin jirgi. Yaron ya durƙusa ya gai da ubansa, ya ce mini, "Baffa, sai wata rana," da Hausarsa mai karkata, ya ja jakarsa ya shige. Can Kano ɗakin wata gwaggonmu zai sauka, wadda bai taɓa magana da ita ba.

A hanyar dawowa, da muka kusa unguwar Shumaisi, na dubi Yaya. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Na yi ta tunani. Ka san inda muka yi kuskure?"

Na ce, "Ina, Yaya?"

"Roƙon ne bai isa ba. Da na ƙara musu bayanin halin da muke ciki, da sun tausaya."

Na ce, "Haka ne, Yaya." Na sauke shi a shago, na wuce ɗauko 'ya'yan kafilina daga makaranta.